Jadawalin da ke makara da kwana ɗaya: yadda ake sa fibot ya sabunta kansa a Excel

A ofisoshi da shagunan da ke ajiye lissafinsu a Excel akwai wata gardama da ake yawan yi da safe. Mai gida ya duba rahoto ya ce cinikin jiya bai shiga ba, akawu ya rantse ya shigar da komai kafin ya tashi, kuma dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Bayanan suna cikin fayil, jadawalin da ke taƙaita su ne bai waiwaye su ba.

Wannan jadawali shi ne wanda Excel ke kira PivotTable, masu aiki da shi kuma su ce fibot. Aikinsa ya ɗauki dubban layukan ciniki ya dunƙule su cikin ɗan tebur: buhu nawa aka sayar, a wane reshe, a wane wata. Yana cikin Excel tun fitowa ta biyar a farkon shekarun 1990, kuma tun wancan lokaci yake da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon shiga. Fibot ba ya karanta bayanai kai tsaye a duk lokacin da aka dube shi. Ranar da aka gina shi yakan kwafi bayanan ya adana a wata ma'ajiya tasa da ba a gani, wadda a harshen shirye-shiryen Excel ake kira PivotCache, daga nan yake yin lissafi. Hoto ne aka ɗauka, ba madubi ba. Sai an ce masa ya sabunta sannan yake sake ɗauka, kuma da hannu ana yin haka ne ta danna Alt+F5 don jadawali ɗaya, ko Ctrl+Alt+F5 don duk abin da ke cikin fayil ɗin.

A ɗauki misalin wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a rassa uku. Kowace yamma kowane reshe yana aiko da fayil ɗin cinikinsa irin na CSV, ana zuba su a folda ɗaya. Akawu ya haɗa Excel da foldar ta hanyar Power Query, kayan aikin janyo bayanai da ke cikin Excel tun fitowar 2016, ya sa shi ya haɗe fayilolin ya sauke su a tebur mai suna Ciniki. A kan wannan tebur ya gina fibot. Wato tsarin hawa uku ne: folda, tebur, fibot, kowanne yana cin abinci daga na gabansa.

Ranar Litinin teburin yana da layi 1,200, fibot kuma ya nuna an sayar da shinkafa buhu 340. Ranar Talata sababbin fayiloli suka ƙara layi 150, a cikinsu akwai buhu 45 na shinkafa. Lissafin kai ma ya isa ya ba da 385. Akawu ya danna Refresh All, ya ga teburin ya kai layi 1,350, ya leƙa fibot: 340. Ya sake dannawa, sai ga 385. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauki danna maɓallin sau biyu a matsayin al'ada, har su koya wa yaron da ya gaje su. Ranar da wani ya danna sau ɗaya kuwa, rahoton jiya ne zai tafi teburin mai gida da kwanan watan yau.

Dalilin yana cikin wani ɗan akwati mai suna Enable background refresh, wanda a kunne yake zuwa. Idan yana kunne, Excel yakan aika Power Query ya je ya ɗebo bayanai, amma ba ya tsayawa jiransa, don kada mai aiki ya zauna yana kallon allo. Sai ya wuce ya sabunta fibot nan take, alhali teburin bai karɓi sababbin layuka ba tukuna. Fibot ya kwafi tsohon tebur, bayan 'yan daƙiƙu kuma sabon ya iso. Babu saƙon kuskure, domin a wurin Excel babu abin da ya lalace. Ana iya kashe akwatin da hannu: a shiga Data, sai Queries & Connections, a danna dama a kan sunan haɗin, a zaɓi Properties, a cire alamar. Amma wanda yake son rahoton ya riƙa shirya kansa ba tare da dogaro da tunanin kowa ba, gara ya rubuta wannan jeri a cikin makaro, wato ɗan rubutaccen umarni a harshen VBA. Ana buɗe wurin rubuta shi da Alt+F11, a saka sabon Module, a rubuta:

```vba
Sub SabuntaRahoto()
    Dim pc As PivotCache
    With ThisWorkbook.Connections("Query - Ciniki")
        .OLEDBConnection.BackgroundQuery = False
        .Refresh
    End With
    For Each pc In ThisWorkbook.PivotCaches
        pc.Refresh
    Next pc
    ThisWorkbook.Sheets("Rahoto").Range("H1").Value = Now
End Sub
```

Duk hikimar tana cikin jerin. Umarnin farko ya hana Excel wucewa kafin bayanai su iso, na biyu ya janyo su. Sai bayan sun sauka ne makaron ke bin ma'ajiyoyin fibot ɗaya bayan ɗaya yana sabunta su. An zaɓi bin ma'ajiya maimakon bin kowane jadawali ne saboda fibot biyar na iya rabon ma'ajiya ɗaya, kuma idan aka sabunta ta, dukansu sun sabuntu. Layin ƙarshe yana rubuta lokacin da aikin ya kammala a gurbin H1. Sunan haɗin dole ya zo daidai harafi da harafi. Power Query yakan sa kalmar Query da ɗan layi a gaban sunan da aka ba shi, kuma wanda ya manta da wannan zai ci karo da kuskure mai lamba 9.

Saura abin da zai tayar da makaron. Mafi sauƙi shi ne buɗe fayil. A cikin sashen ThisWorkbook ana rubuta:

```vba
Private Sub Workbook_Open()
    SabuntaRahoto
End Sub
```

Daga nan duk wanda ya buɗe fayil ɗin da safe, Excel zai ɗan tsaya ya ɗebo bayanai, sannan ya nuna 385. Dole a adana fayil ɗin a matsayin .xlsm, domin .xlsx ba ya riƙe makaro, kuma wanda ya yi watsi da gargaɗin da Excel ke yi wajen adanawa zai tarar rubutunsa ya ɓace. Akwai kuma wani shinge: tun 2022 Microsoft ke toshe makaro a fayilolin da suka zo ta intanet ko imel. Idan akawu ya aika wa mai gida rahoton, zai buɗe masa da jan gargaɗi a sama, makaron bai gudana ba, fibot yana nan da lambobin ranar da aka adana shi. Mafita ita ce a danna dama a kan fayil ɗin, a shiga Properties a zaɓi Unblock, ko a ajiye shi a foldar da aka sanya cikin Trusted Locations. Wannan na fayil ɗin da aka san marubucinsa ne kawai, domin ɓarayin intanet ta makaro suka daɗe suna shiga kwamfutocin mutane, shi ya sa aka kafa shingen.

Masu son rahoto ya riƙa sabuntuwa kowane rabin awa sukan yi amfani da Application.OnTime, wanda ke tsara lokacin da makaro zai sake gudana. Yana aiki, amma sai Excel yana buɗe a kwamfutar da ke kunne; aka ɗauke wuta, jadawalin lokacin ya tafi. Yana da wata ɗabi'a kuma mai ban haushi: idan aka rufe fayil ɗin ba a soke lokacin da aka tsara ba, Excel kuwa yana buɗe da wani aiki, da lokacin ya cika sai ya sake buɗo fayil ɗin da kansa. Ga rahoton da bayanansa sau ɗaya suke zuwa a yini, wannan wahala ce marar riba.

Wasu kuma sukan nufi sabon salo, Office Scripts, inda umarnin workbook.refreshAllPivotTables() ke sabunta kowane fibot. Sai dai wanda ya yi niyyar haɗa shi da Power Automate don ya gudana da dare ba kowa a ofis, ya san cewa Microsoft da kansa ya bayyana yawancin umarnin sabuntawa ba sa yin komai idan daga can aka kira su. Aikin zai nuna ya kammala lafiya, lambobi kuwa ba su motsa ba. A Google Sheets labarin daban ne, domin fibot na yau da kullum yana bin bayanan shafinsa da kansa.

Abin da ya fi wahalar ganewa shi ne makaron da ya gudana amma rahoton bai cika ba. Idan tun farko an gina fibot a kan iyakantaccen fili kamar $A$1:$E$1201 maimakon a kan sunan tebur, ko sau ɗari aka sabunta ba zai ga layukan ranar Talata ba, sai an gyara a Change Data Source an rubuta Ciniki. Haka kuma idan an taɓa tace kayayyaki da hannu, aka zaɓi shinkafa da sukari da fulawa, ranar da aka fara sayar da taliya ba za ta bayyana ba, sai an kunna Include new items in manual filter a saitin wannan fili. Wata ɗabi'ar da ya kamata a guje mata ita ce saka On Error Resume Next a saman makaro don kawar da saƙonnin kuskure. Da shi, idan an sauya wa foldar suna ko hanyar sadarwa ta yanke, makaron zai tsallake gazawar ya je ya rubuta lokacin yanzu a H1, rahoton ya fito da shaidar sabuntawa ta ƙarya.

Saboda haka akawun da ya san aikinsa yakan ajiye gurbi biyu na bincike a saman rahoto. Na farko yana nuna ranar ciniki mafi kusa da ke cikin teburin, na biyu yana cire jimillar fibot daga jimillar tebur:

```
=MAX(Ciniki[Rana])
=SUM(Ciniki[Buhu])-GETPIVOTDATA("Buhu",$A$3)
```

A nan A3 shi ne gurbin farko na fibot, kuma gwajin na biyu yana aiki ne a kan fibot da ba a tace ba. Idan na farko ya nuna Litinin alhali yau Laraba, matsalar tana tsakanin folda da tebur: ko rassa ba su aiko ba, ko haɗin ya gaza. Idan ya nuna Talata amma na biyu ba sifili ba ne, bayanai sun iso, fibot ne ya makara ko filinsa ya gaza. A misalin ɗan kasuwan nan, da shinkafa kaɗai aka sayar ranar Talata, gurbin zai nuna 45, adadin buhunan da mai gida yake nema ya rasa. Wani abu guda ne gwajin ba zai kama ba: idan wani reshe ya aiko da fayil ɗaya sau biyu da suna daban, tebur da fibot za su yarda da juna a kan buhu 430, don haka foldar ma tana bukatar a riƙa ƙirga fayilolinta, uku kowace rana.