Ɗauko Magana, Sake Faɗa da Taƙaitawa: Ina Bambancin Yake?

Hanyoyi uku ne marubuci yake bi in zai yi amfani da abin da wani ya rubuta. Yana iya ɗauko maganar yadda take, bai canza ko harafi ɗaya ba, ya sa ta cikin alamar zance. Yana iya sake faɗar ta da kalmominsa da nasa ginin jimla, tsawonta ya yi kusan daidai da na asali. Ko kuma ya taƙaita, wato ya tsamo jigon dogon bayani ya bar rassa. A duk ukun wajibi ne ya ambaci mai maganar, domin ra'ayin ba nasa ba ne.

A ɗauka wani masanin tarihi ya rubuta haka: "Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa ran manoma za su rungumi noman auduga. Amma manoma suka karkata ga gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta a gida."

Ɗalibin da ya kwafo waɗannan jimloli cikin alamar zance, ya kawo sunan masanin da shekarar littafin da lambar shafi, ya yi daidai. Sai dai wannan hanya ta fi dacewa da inda lafazin kansa yake da nauyi, kamar sashen doka, ko furucin shugaba, ko baitin da za a yi wa sharhi. Bayanin tarihi irin wannan ba ya bukatar haka. Taƙaitawa kuwa ba ta da wuyar ganewa: zuwan jirgi Kano ya haɓaka noman gyaɗa maimakon audugar da Turawa suka so. Jimla ɗaya ke nan, kuma da ita ana iya wakiltar babi guda.

A wajen sake faɗa ne ake yawan zamewa. Ga yadda ɗalibai da dama suke yi: "Lokacin da jirgin ƙasa ya zo Kano a 1911, Turawa sun yi fatan manoma za su kama shuka auduga. Sai dai manoma suka koma ga gyaɗa, saboda ta fi riba, kuma idan ciniki ya lalace ana iya amfani da ita a gida."

Wannan kwafi ne. In aka jera shi kusa da na asali, za a ga jimla biyu ce a can, biyu a nan. Jirgi ne a farko, sai burin Turawa, sai manoma, sai dalilai biyu a jere ɗaya. Abin da ɗalibin ya yi kawai shi ne cire "iso" ya sa "zo", ya cire "sa ran" ya sa "fata", kamar mai sake wa gidan wani fenti ya ce shi ya gina. Ko da ya ambaci masanin a ƙarshe, bai fita ba, domin rashin alamar zance yana shaida wa mai karatu cewa tsarin maganar nasa ne, alhali aro ya yi. Makarantu da yawa suna lissafa irin wannan cikin satar fasaha. Akwai kuma wata ɓarnar: "cin ta" ya koma "amfani da ita", sai hujjar masanin, cewa gyaɗa abinci ce auduga kuwa ba a cin ta, ta dushe.

Sake faɗa na gaskiya yana farawa daga fahimta. Marubuci ya karanta har ya gane, ya rufe littafin, ya rubuta yadda zai bayyana wa wanda bai san zancen ba, sannan ya buɗe ya gwada. Abin da zai fito yana iya kama da wannan: "A ganin masanin, abu biyu suka sa gyaɗa ta kere auduga a ƙasar Kano. Kuɗinta ya fi tsoka, sannan manomin da bai samu mai saye ba yana da abin da zai ciyar da iyalinsa. Shi ya sa layin dogon da ya kai birnin a 1911 bai cika wa Turawa burinsu na samun auduga ba." An fara da dalilai, an raba jimlolin dabam, ma'ana ba ta ragu ba, an kuma nuna mai ra'ayin tun daga farko.

Ba kowace kalma ce ake canzawa ba. Kano, gyaɗa, auduga da 1911 ba su da madadi, kuma maimaita su ba laifi. Amma in masanin ya ƙirƙiro wani lafazi nasa na musamman da ake son riƙewa, sai a sa shi cikin alamar zance a tsakiyar jimlar. Haka kuma wanda ya juyo sakin layi daga littafin Turanci ko na Larabci zuwa Hausa, jimla bayan jimla, fassara ya yi, don haka dole ya faɗi cewa fassara ce, ya kuma kawo sunan littafin da shafinsa.