Idan Inbata Ta Ƙi Tayar da Moto: Me Alamar OC Ke Faɗa?

A gidajen niƙa, masana'antun ruwan leda da rijiyoyin burtsatse, yanzu an saba ganin wani akwati manne a bango tsakanin wutar lantarki da moto. Masu gyara suna kiransa inbata, a takardun kamfani kuma VFD. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta mai saurin bugu hamsin a daƙiƙa, ya riƙa ba moto ita daga sifili yana ƙarawa a hankali har ya kai saurin da ake so. Matsalar da ta fi tayar wa masu injin hankali ita ce a danna maɓallin tashi, moto ya ɗan yi gurnani, sai komai ya tsaya, allo ya nuna OC. A inbatar Delta rubutun ocA ne, a INVT OC1, a Schneider OCF, a Micromaster ta Siemens kuma F0001. Duk saƙon ɗaya ne: wutar da ta fita zuwa moto ta wuce abin da inbata za ta iya ɗauka.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, inbatar ba lalacewa ta yi ba, kanta ta kare. A cikinta akwai wasu makunnan lantarki guda shida da ake kira IGBT, waɗanda wuta mai yawa kan ƙone su cikin ƙiftawar ido. Yawancin inbatoci suna jure kashi 150 cikin ɗari na ƙarfinsu na tsawon minti ɗaya, amma idan wuta ta kai wajen ninki biyu ko fiye, nan take suke yankewa. Shi ya sa yawan danna RESET ana sake gwadawa ke da haɗari. Idan akwai wayoyin da suka haɗu, kowane gwaji duka ne ga waɗannan makunnai, kuma gyaran da waya ɗaya za ta magance yana iya komawa sayen sabuwar inbata.

Kafin a ɗauko sukundireba, a lura da lokacin da take yankewa, domin rabin amsar tana nan. Idan ta yanke da an danna maɓalli, moto ko motsi bai yi ba, zargi ya fi karkata ga waya, ko nannaɗin cikin moto, ko ita kanta inbatar. Idan kuwa moto ya fara juyawa, lambobin allo suna hawa, sai ta yanke a tsakiya, to a nemi dalili wajen nauyin kaya da saitin lokacin tashi.

Mu fara da waya. A kashe wuta daga babban makunni, a jira minti goma ko abin da aka rubuta a jikin akwatin, domin kafasitocin ciki suna riƙe wuta sama da bolt 500 bayan an kashe, kuma tana kisa. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne, shi ma sai ya auna da mita ya tabbatar wutar ta sauka. Daga nan a kwance wayoyi uku masu zuwa moto daga U, V da W, a kunna inbata ita kaɗai. Idan ta sake nuna OC babu komai a haɗe, ciwon yana cikinta. Idan ta hau lafiya, sai a koma kan waya da moto. A auna tsakanin wayoyin uku bibbiyu. Ya kamata awon ya zo kusan daidai. Sannan a sa mega tsakanin kowace waya da jikin moto. Awon da ya gaza megom ɗaya yana nuna rufin waya ya lalace ko ruwa ya shiga. Kada a kuskura a yi wannan gwaji waya tana haɗe da inbata, domin bolt 500 ko 1000 da mega ke fitarwa zai illata ta.

A buɗe akwatin da ke jikin moto ma a duba. Sau da yawa a nan ake samun waya da ta goge da ƙarfe, ko danshin damina, ko ɓarnar ɓera. A kuma duba haɗin: moton da aka rubuta masa 230/400 haɗin sita yake buƙata a wutar bolt 400, idan aka yi masa delta zai ja wuta fiye da kima tun daga tashi. A rijiya mai zurfi, tsawon wayar kansa yana iya jawo yankewa idan ya wuce iyakar da littafin inbata ya gindaya, maganinsa kuwa a sa riyakta a bakin fitar wuta. Kafasita kuma ba a sa ta tsakanin inbata da moto.

Idan waya da moto sun fita daga zargi, sai kaya. Wuta na kashe, a cire bel, a juya moto da hannu, a juya injin shi ma. Boris da ya ci, hatsin da ya maƙale a bakin injin niƙa tun da aka ɗauke wuta, yashi a cikin famfo, ko birkin da bai saki ba, kowannensu zai sa moto ya yi ta jan wuta bai juya ba. Fanka babba da iska ke juyawa kafin a kunna ita ma tana jawo OC, sai an kunna mata saitin da ke sa inbata ta fara gano saurin moto kafin ta kama shi.

Ga misali da lissafinsa. Injin niƙa mai guduma, motonsa kilowat 7.5, yana juyi 1450 a minti, yana jan kimanin amfiya 15. Ba tare da bel ba yana tashi lafiya, da bel kuwa inbata tana yankewa idan allo ya kai wajen 15 Hz. An juya injin da hannu, babu inda ya cije, sai dai gudumominsa da fulensa suna da nauyi. Aka duba saiti, lokacin tashi daƙiƙa 5 ne. Cikakken ƙarfin murɗawar wannan moto kimanin 49 Nm ne. Idan nauyin juyin ƙarafan ya kai 3 kg·m², kai su cikakken gudu a daƙiƙa 5 yana buƙatar kimanin 91 Nm, kusan ninki biyu ke nan, kuma wutar ma haka za ta ninka ta doshi amfiya 30. Kamar a ce wa mai tura kurar ruwa cike da jarkoki ya tashi da gudu daga tsaye. Idan aka mayar da lokacin daƙiƙa 20, buƙatar ta sauko zuwa 23 Nm, ƙasa da rabin ƙarfinsa, sai ya hau ba tare da wuta ta wuce amfiya 15 ba. Wannan saitin a Micromaster shi ne P1120, a INVT GD20 kuma P00.11.

Ƙara lokaci ba ya maganin komai. Idan an kai daƙiƙa 30 har yanzu tana yankewa, a kwatanta abin da ke rubuce a farantin moto, wato bolt, amfiya da saurin juyi, da abin da aka shigar wa inbata, sannan a sa ta ta auna moton da kanta idan tana da wannan tsarin. A duba ƙarin boltej na tashi kuma: idan ya yi kaɗan moto ba zai iya ɗaga kaya ba, idan ya yi yawa wutar ce za ta haura a banza, don haka kaɗan-kaɗan ake gyara shi ana kallon amfiya a allo. Idan duk wannan ya yi daidai amma wutar tana manne da iyaka, inbatar ce ta yi wa aikin ƙanƙanta. Injin niƙa da abin da ya yi kama da shi suna buƙatar wadda aka zaɓa bisa amfiyar aiki mai nauyi, ba bisa kilowat ɗin da ke jikin kwali kaɗai ba.

Mai injin da ba shi da mita ma yana da rawar da zai taka. Ya rubuta alamar da allo ya nuna, da lambar da ta kai kafin ta yanke, da ko an yi ruwan sama ko an canja wani abu a ranar. Da waɗannan bayanai mai gyara zai san ko waya zai fara kwancewa, ko bel, ko saiti kawai zai taɓa.