Bututun Gilashi a Kan Dutse: Yadda Gwaji Ya Fara Maye Gurbin Maganar Magabata

A jami'o'in Turai na farkon ƙarni na 17, idan ɗalibi ya yi tambaya game da iska, ruwa ko motsin abubuwa, malami yakan buɗe littattafan Aristotle, masanin falsafar Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Almasihu. Aikin masani shi ne ya fahimci abin da magabata suka rubuta, ya daidaita shi da sharhin waɗanda suka biyo baya, ya kuma kāre shi a wurin muhawara. Kafin ƙarnin ya ƙare, wata hanya dabam ta kafu: a shirya gwaji, a auna, a kira shaidu, a sake maimaitawa. Za mu bi tambaya guda ɗaya domin mu ga yadda wannan sauyi ya auku.

Koyarwar da aka gāda

Tambayar ita ce: ko za a iya samun wuri wofi, wanda babu komai a cikinsa, ko da iska? Aristotle ya ce ba zai yiwu ba, kuma yana da hujja. A ganinsa, saurin abu mai motsi ya dangana ga kaurin abin da yake ratsawa. Dutse ya fi saurin faɗuwa a cikin iska bisa ga cikin ruwa. Idan kuwa babu abin da zai tare shi sam, saurinsa ba zai yi iyaka ba, wannan kuma hankali ba zai ɗauka ba. Malaman da suka biyo bayansa suka taƙaita zancen cewa halitta tana ƙin wofi. Da wannan suke bayyana aikin famfo: idan aka ja sandar famfo sama, ruwa yakan bi ta da sauri domin kada a bar wuri wofi.

Masana tauhidi ma sun shiga maganar. A shekarar 1277 Bishof Étienne Tempier na Paris ya haramta koyarwa 219, cikinsu har da wadda ta ce Allah ba zai iya gusar da sammai a miƙe ba domin hakan zai bar wofi a baya. Daga nan malamai suka yarda cewa Allah yana da ikon yin wofi, amma yawancinsu sun ci gaba da koyar da cewa a tsarin halitta ba ya aukuwa.

Abin da masu famfo suka sani

Masu haƙar rijiya da ma'adinai sun daɗe da sanin wani abin da littafi bai bayyana ba. Famfo mai tsotso ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10, komai kyawun ƙirarsa. Idan halitta tana ƙin wofi, me ya sa ƙiyayyar take ƙarewa a mita 10? Galileo ya ambaci wannan iyaka a littafinsa na 1638, ya kwatanta ruwan da igiya mai tsawo wadda nauyin kanta ya tsinke ta. Bayaninsa bai yi daidai ba, amma ya ɗauki abin da ma'aikata suka gani a matsayin shaidar da dole masani ya amsa.

Almajirinsa Evangelista Torricelli ya kawo wani bayani: iska tana da nauyi, muna zaune a ƙarƙashinta kamar kifi a ƙasan teku, kuma ita ce take danna ruwan rijiya har ya hau cikin bututu. Ruwan yakan tsaya ne a inda nauyinsa ya yi daidai da dannawar iska. Daga wannan ra'ayi ana iya yin lissafi tun kafin gwaji. Zaiba, wato ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Idan iska tana iya riƙe ruwa mai tsayin mita 10.3, to za ta riƙe zaiba mai tsayin santimita 76 kawai.

An cika bututun gilashi mai tsayin wajen mita 1 da zaiba, ƙarshensa ɗaya a rufe. Aka toshe bakin da yatsa, aka kifa shi cikin kwanon zaiba, sannan aka cire yatsa. Zaiba ta sauko ta tsaya kusa da inda lissafi ya nuna, ta bar sarari a saman bututun. Torricelli ya bayyana wannan a wasiƙarsa zuwa ga Michelangelo Ricci a watan Yuni na 1644.

Gwaji ɗaya bai kashe gardama ba

Mu lura cewa masu bin Aristotle ba su rufe idanunsu ba. Sun ga sararin, amma suka ce ba wofi ba ne. Waɗansu suka ce tururin zaiba ne ya cika shi. Waɗansu, kamar René Descartes da Fada Étienne Noël na ƙungiyar Jesuit, suka ce wani abu ne mai laushi ƙwarai da yake ratsa gilashi. Har ila yau mai cewa halitta tana ƙin wofi yana iya cewa ƙiyayyar tana da iyakar ƙarfi, kuma ita ce take riƙe zaibar. Kowa yana ganin abu ɗaya, bayani kuwa biyu ne.

Blaise Pascal, wanda bai wuce shekara 23 ba a lokacin, ya sake gwajin a birnin Rouen na Faransa a 1646. Ya ɗauki batun tururi ya gwada shi da dogayen bututu biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da ruwan inabi. Ruwan inabi ya fi fitar da tururi, saboda haka idan tururi ne yake cika sararin yana danna abin da ke ƙasa, ruwan inabi ne zai tsaya ƙasa. Amma shi ne ya tsaya sama, domin ya fi ruwa rashin nauyi. A amsarsa ga Fada Noël, Pascal ya kafa wata ƙa'ida: dacewar ra'ayi da abubuwa da yawa ba ta tabbatar da shi, amma abu ɗaya da ya saɓa masa ya isa ya rushe shi.

Ranar 19 ga Satumba, 1648

Ana bukatar gwajin da bayanan biyu za su yi hasashen sakamako dabam. Idan nauyin iska ne yake riƙe zaiba, to a kan dutse mai tsawo, inda iskar da ke bisa kai ta ragu, zaiba za ta sauko. Idan kuwa ƙin wofi ne, babu dalilin da zai sa halitta ta ƙi wofi a kwari fiye da kan dutse. Pascal ya roƙi mijin yayarsa, Florin Périer, ya gwada wannan a dutsen Puy de Dôme kusa da birnin Clermont.

Bari mu duba matakan da Périer ya bi, domin a cikinsu ne sabuwar hanyar take. Da farko ya tace zaibar, tun da datti ko kumfar iska a cikinta suna ɓata awo. Ya gayyaci shaidu daga manyan gari, har da limaman ikilisiya da likita. Da safe, a lambun 'yan zuhudu na ƙungiyar Minim da ke ƙasan gari, ya gwada bututu biyu, dukansu suka nuna tsayi ɗaya: inci 26 da layi 3 da rabi a ma'aunin Faransa na lokacin, wato wajen santimita 71. Bai kai 76 ba domin Clermont ɗin ma yana sama da bakin teku.

Ya bar bututu ɗaya a lambun, ya sa alama a jikinsa, ya ɗora wa Fada Chastin aikin duba shi yini guda. Dalilin shi ne, idan zaiba ta sauko a kan dutse, wani zai iya cewa yanayin ranar ne ya sauya. Bututun da aka bari shi ne zai amsa wannan.

A ƙwanƙolin dutsen, wajen mita 1,000 sama da lambun, zaiba ta tsaya a inci 23 da layi 2, kusan santimita 63. Bambancin ya ɗara santimita 8. Périer ya maimaita awon sau biyar a wurare dabam a kan dutsen, a fili da cikin rumfa, cikin hazo da yayyafi, sakamakon bai sauya ba. A hanyar saukowa ya auna ya sami inci 25, tsakanin na sama da na ƙasa. Da suka dawo, Fada Chastin ya shaida cewa bututunsa bai motsa ba tun safe. Périer ya sake gwada bututun da ya hau dutse da shi, ya koma tsayinsa na farko, wanda ya nuna bai lalace a hanya ba. Pascal ya buga rahoton a wannan shekara domin kowa ya iya maimaitawa.

Abin da gwajin ya nuna da iyakarsa

Gwajin ya nuna cewa tsayin zaiba yana bin yawan iskar da ke sama. Bai nuna cewa sararin da ke saman bututun wofi ne ƙwarai ba. Descartes ya yarda da nauyin iska, amma bai bar ra'ayinsa na abu mai laushi ba. A yau mun san akwai ɗan tururin zaiba a wurin, sai dai bai kai ya sauya awon ba. Gardama ta ci gaba a Ingila, inda Robert Boyle, da taimakon Robert Hooke, ya sa irin wannan bututu cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar da famfo. Zaiba ta riƙa saukowa da kowace zuƙa, da aka mayar da iska kuma ta hau. Ya buga wannan a 1660.

Kada kuma mu ɗauki labarin a matsayin yaƙi tsakanin ikilisiya da kimiyya. Fada Noël yana gefe ɗaya, Fada Chastin yana tsaron bututu a ɗaya gefen, kuma Marin Mersenne, wanda ya yaɗa labarin gwajin Torricelli a Faransa, shi ma ɗan zuhudu ne na Minim. Gardamar a kan wane irin shaida ne ya isa ya yanke hukunci game da halitta.

Pascal da kansa ya raba abin gida biyu a gabatarwar da ya rubuta wa littafinsa kan wofi. Akwai fannonin da ake sanin gaskiyarsu ta wurin abin da aka rubuta, kamar tarihi, shari'a, harsuna, da tauhidi fiye da duka. Akwai kuma waɗanda ake sani ta wurin gwaji da tunani, waɗanda suke ƙaruwa daga tsara zuwa tsara. Ya zargi mutanen zamaninsa da juya abin: suna ƙirƙiro sabo a tauhidi, suna manne wa tsoho a ilimin halitta. Bai rena magabata ba. Ya ce sun yi hukunci daidai da shaidar da suke da ita, kuma da sun ga gwajin da sun sake magana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa gwajin Torricelli bai isa ya kashe gardama ba, amma na Puy de Dôme ya yanke wani sashe nata?
2. Wane ƙorafi ne bututun Fada Chastin ya amsa, wane ne kuma awon ƙarshe a lambu ya amsa?
3. Akwai tambayoyin da suke faɗawa cikin gidajen nan biyu na Pascal a lokaci ɗaya? Idan akwai, wace shaida ce za ta amsa wane ɓangare?