Rage wa Hoton PNG Nauyi Ba Tare da Taɓa Ko Ɗigo Ɗaya Ba

Tambarin kamfani, hoton allon waya, zanen taswira, yawancinsu a tsarin PNG ake adana su, tsarin da ya fito tun 1996. Galibin irin waɗannan fayiloli sun fi nauyin da ya kamata, domin manhajar da ta haife su sauri take yi, kuma takan cusa musu bayanan da mai kallo ba ya gani. Ana iya rage wannan nauyi hoton ya kasance yadda yake, ɗigo da ɗigo.

Fayil ɗin PNG jerin ƙunsoshi ne, kowane da suna mai haruffa huɗu, kuma harafin farko shi ke faɗin matsayinsa. In babban baƙi ne, ƙunshin dole ne: IHDR na ɗauke da faɗi da tsawo, IDAT na ɗauke da hoton kansa, IEND na rufe fayil. In ƙaramin baƙi ne, na taimako ne. A nan ake samun tIME mai ranar gyara, da eXIf mai bayanan kyamara, da tEXt da iTXt inda manhajojin zane ke jibge rubutu.

Sai dai ba duk na taimakon ne abin zubarwa ba, kuma a nan aka fi yin ɓarna. iCCP yana gaya wa na'ura yadda za ta fassara launuka. In an zana hoton da wani ma'aunin launi na musamman aka cire shi, lambobin ɗigon ba su canja ba, amma jan tambarin zai fito a koɗe. Hoto mai motsi kuwa, in aka cire acTL da 'yan uwansa, tsayawa zai yi cak. Haka nan sunan mai zane da bayanin haƙƙin mallaka a cikin tEXt ko iTXt suke zama, don haka a ganina bai dace a share su daga aikin wani ba sai da yardarsa.

Rabi na biyu na aikin shi ne sake matse IDAT. Kafin a matse, kowane layin hoto yana bi ta ɗaya daga cikin matatai biyar. A ce layi yana da lambobi 100, 101, 102, 103. Matatar da ake kira Sub tana rubuta bambancin kowace lamba da ta hagunta, sai layin ya koma 100, 1, 1, 1. Dabarar matsewa ta Deflate maimaici take nema, ga shi kuwa an ba ta, kuma mai buɗe hoton da tarawa kawai zai dawo da lambobin asali. Manhajar zane cinta ɗaya take yi ta wuce. Manhajoji irin su OptiPNG da oxipng kuwa suna gwada hanyoyi da yawa su riƙe wadda ta fi ƙanƙanta. In launukan hoton ba su wuce 256 ba, sukan jera su a PLTE, kowane ɗigo ya ci bayit ɗaya a maimakon uku ko huɗu.

A ce muna da tambari mai bayit 48,000. Umarnin `pngcheck -v tambari.png` zai jero ƙunsoshin da tsawon kowanne, sai mu ga iTXt shi kaɗai ya kwashe 9,000. Sai a rubuta:

```
oxipng -o 4 --strip safe --out sabo.png tambari.png
```

Zaɓin `safe` yana zubar da rubuce-rubucen, ya bar iCCP da sRGB. Shi kuwa `all` har da su yake kwashewa. Cire iTXt ya kawo mu 39,000. A ce sake matsewa ta sauko da shi zuwa 33,600. An rage 14,400 ke nan, a raba da 48,000, kashi 30 cikin ɗari. Lura da cewa kusan kashi biyu cikin uku na ragin daga rubutun ya fito, shi ya sa hoton da ba shi da irin wannan kaya ba zai ragu haka ba. Hoton kyamara ma da ƙyar yake motsawa, saboda ba shi da maimaicin da Deflate ke nema.

Girman fayil bai isa shaida ba, ido ma bai isa ba. Manhajar ImageMagick tana ƙirga ɗigon da suka bambanta:

```
compare -metric AE tambari.png sabo.png null:
```

Amsar da ake so ita ce 0. In wata lamba ta fito, an taɓa hoton, watakila an yi amfani da manhaja irin pngquant, wadda ke rage launuka da gangan don ta samu ragi mai yawa. Amma sifilin ma lambobin ɗigo kawai ya tabbatar, bai ce komai game da iCCP ba. Saboda haka a sake duba sabon fayil da `pngcheck -v` a ga ƙunshin launin yana nan, a buɗe tsoho da sabo gefe da gefe, sannan a ɗora sabon a shafi, a ajiye na asalin a wani wuri dabam.