Ka danna @ ta fito ": kibod ɗinka lafiyarsa lau

Akwai wata 'yar matsala da ke kai kwamfutoci masu lafiya gun mai gyara. Mutum zai zauna rubuta adireshin imel, ya riƙe Shift ya danna maɓallin lamba 2 wanda aka zana @ a kansa, sai alamar zancen wani ta fito, wato ". Ya goge ya sake, ita ce dai. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kibod ya lalace, ko ƙwayar cuta ta shiga kwamfuta. Abin yana ba ni takaici, domin akan kashe kuɗi a kan gyaran da bai wuce danna maɓallai biyu ba.

Kibod bai san abin da aka zana a kan maɓallansa ba. Idan ka danna maɓalli, abin da yake aika wa kwamfuta wata lamba ce da ke nuna gurbin da aka taɓa, ba harafi ba. Windows ce ke ɗaukar lambar ta duba wani jadawali da ke cikinta, ta ga harafin da aka ajiye wa wannan gurbi, sannan ta rubuta shi. Wannan jadawali shi ne tsarin kibod, kuma ƙasashe da yawa suna da irin nasu. Zanen da ke kan maɓalli fenti ne kawai da kamfani ya shafa domin idonka. Idan fentin na wata ƙasa ne, jadawalin kuma na wata, to hannunka zai bi fenti, kwamfuta ta bi jadawali.

Tsare-tsaren da suka fi cin karo a wurinmu su ne na Amurka da na Birtaniya. Dukansu na Turanci ne, haruffansu daga A zuwa Z a wuri ɗaya suke, shi ya sa mutum kan yi makonni yana rubutu bai ankara ba. A alamomi suka rabu. A tsarin Amurka, Shift da 2 na ba da @, alamar " kuma tana maɓallin alhamza da ke kusa da Enter. A na Birtaniya su biyun sun yi musayar gurbi. Ga kuma Shift da 3, wanda ke ba da # a na Amurka, amma £ a na Birtaniya. Laftof na hannu da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban suke, kuma mai ɗora Windows yakan danna Next ya wuce ba tare da ya dubi kibod ɗin da ke gabansa ba.

Gane irin kibod ɗinka ba shi da wuya. Dubi maɓallin 2 da na 3. In ka ga @ da #, na Amurka ne, kuma Enter ɗinsa a kwance yake a layi ɗaya. In ka ga " da £, na Birtaniya ne: Enter ɗinsa dogo ne ya ci layi biyu, Shift na hagu kuma gajere ne da wani ƙarin maɓalli tsakaninsa da Z. Bayan haka sai ka dubi ƙasan allo ta dama, kusa da agogo. In akwai tsari fiye da ɗaya a kwamfutar za ka ga ENG US ko ENG UK. Riƙe maɓallin Windows ka danna Space, sai jerin ya bayyana ka zaɓi wanda ya dace da fentin. Buɗe Notepad ka gwada Shift da 2 ka tabbatar.

Sau da yawa matsalar takan dawo, don Windows tana sauya tsari idan aka danna Alt na hagu tare da Shift, kuma yatsa yakan haɗa su bisa kuskure. Maganin dindindin shi ne cire tsarin da ba ka buƙata. A Windows 11 ka shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region. Danna ɗigo uku da ke gefen harshen, ka zaɓi Language options. Ƙarƙashin Keyboards sai ka ƙara tsarin da ya dace da Add a keyboard, sannan ka cire ɗayan. Sai ka fara ƙarawa kafin cirewa, domin Windows ba ta yarda a bar harshe babu tsari ko ɗaya.

Inda wannan kuskure ya fi cuta shi ne kalmar sirri, saboda a can ba ka ganin abin da kake rubutawa, sai ɗige-ɗige. A ce wata ɗaliba tana buɗe akwatin imel a laftof mai fentin Amurka, alhali Windows na kan ENG UK. Ta yi niyyar sa Damina@25, ta danna Shift da 2 kamar yadda fenti ya nuna. Abin da ya shiga shi ne Damina"25. Da aka ce ta maimaita, ta sake danna maɓallan nan dai, biyun suka dace, aka karɓa. Muddin tana kan wannan laftof komai na tafiya daidai. Ran da ta ɗauki waya ta rubuta @ na gaskiya, sai a ce mata kalmar ba daidai ba ce, ta shiga zargin an sace mata akwati. Haka ma zai faru ran da wani ya gyara mata tsarin laftof ɗin. Mafita ita ce ta gwada " a duk gurbin da take zaton @ ne, da £ a gurbin #, in ta shiga kuma ta sauya kalmar. Shawarata a nan ita ce, duk mai sa sabuwar kalmar sirri ya danna 'yar alamar idon nan da ke gefen akwatin ya ga abin da ya rubuta kafin ya amince.

Akwai wani tsari na uku da ya fi damun mai rubuta Hausa, sunansa United States-International. A cikinsa @ tana nan a gurbinta, amma in ka danna alhamza ko ", babu abin da zai fito sai ka danna harafi na gaba. An yi shi ne domin masu rubuta harsuna irin su Faransanci da Jamusanci, don haka yana haɗa alamar da wasalin da ya biyo baya. Ka rubuta sana'a ta fito sanaá, na'ura ta zama naúra, 'ya'ya kuma su koma ýaýa. Danna Space bayan alamar yana fito da ita ita kaɗai, amma wa zai jure wannan a rubutun da ke cike da alhamza? Gara a cire shi a sa wanda aka rubuta US zalla.

A Nijar da Kamaru da Chadi, inda kibod ɗin Faransa mai farawa da AZERTY ya yawaita, kuskuren ba ya ɓuya: ka danna A ta fito Q, ka danna Z ta fito W. A wannan tsari @ tana fitowa ne da AltGr da 0, alamar " kuma tana maɓallin 3 ba tare da Shift ba.

Ba kowane harafi mara daidai ne laifin tsari ba. In U da I da O suna ba da 4 da 5 da 6 a ƙaramin laftof, Num Lock ne a kunne. In alamar zance tana fitowa a lanƙwashe a Word kaɗai, gyaran kai-tsaye na Word ne. In kuwa maɓalli ɗaya yana fitar da haruffa biyu ko uku, ko ya mutu ɗungum bayan shayi ya zube a kai, wannan aikin mai gyara ne. Hanyar rarrabewa ita ce ka jona wani kibod ta USB. In shi ma ya ba da " a gurbin Shift da 2, matsalar tana cikin Windows, kuma sabon kibod ba zai warkar da ita ba.