Kashi 65 da Kashi 35: Abin da Lebul Ɗin Riga Ke Faɗa Maka Kafin Ka Biya

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ko ya tsaya gaban masu yadi a kasuwar Samaru, ya san kalmar da ake fara tarbar mai saye da ita: "Alhaji, wannan kotin ne, taɓa ka ji." Sai ka shafa, ka ji laushi, ka biya. Bayan wanki biyu, rana ta take a watan Afrilu, rigar ta manne maka a baya kamar leda. Alhali tun a kasuwa akwai ɗan ƙyalle a wuyan rigar, ko a ɗinkin gefe ta ciki, da ya faɗi gaskiyar da ba ka tambaye shi ba.

Bari mu ɗauki rubutun da aka fi cin karo da shi a rigunan makaranta da fararen shat: 65% POLYESTER 35% COTTON. Lambobin nan nauyi suke aunawa. Idan rigar ta kai giram 200, to giram 130 poliyesta ne, wato zaren roba da ake samu daga man fetur, giram 70 kacal ne auduga. A al'ada zaren da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, don haka kalmar farko ita ce mai gidan. Wanda ya ce maka wannan rigar kotin ce bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya kira gidan da sunan ɗan haya.

Abin da ya raba zarurrukan biyu shi ne yadda suke mu'amala da ruwa. Auduga tana riƙe danshi a cikin zarenta da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, poliyesta kuwa ko rabin kashi 1 ba ya kaiwa. Ka lissafa da kanka. Rigar auduga zalla mai giram 200 tana iya ɓoye danshi kusan giram 16. Rigarmu ta 65 da 35 kuwa kusan giram 6 za ta riƙe. Sauran zufan yana nan tsakanin fatarka da yadin, shi ya sa kake jin zafi da maiƙo, kuma shi ya sa warin hammata ke daɗewa a irin wannan riga ko an wanke ta, domin roba tana son maiƙon jiki.

Kada wannan ya sa a ɗauka robar ba ta da rana. Zaren poliyesta ya fi na auduga jure goga da ja, ba ya tsukewa bayan wanki, ba ya yamutsewa sosai, launinsa ba ya saurin koɗewa, kuma yana bushewa da wuri ko da damina. Uwar da ke wanke yunifom ɗin ɗan firamare sau uku a mako, yaron da ke ja da gwiwa a ƙasa, ita 65 da 35 ce ta dace da ita. A ganina, saya wa irin wannan yaro auduga zalla mai tsada asarar kuɗi ce. Amma ga shimi, da singileti, da kayan jarirai, da kaftanin da za ka yini da shi a bazara, nemi wanda audugarsa ta rinjaya, daga kashi 60 zuwa sama, ko zalla in aljihu ya yarda.

A nan ne maganar farashi ta shigo. Poliyesta ya fi auduga arha, shi ya sa yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa shi ne. Saboda haka, in yaduka biyu kaurinsu da saƙarsu ɗaya, wanda robarsa ta fi yawa shi ya kamata ya fi sauƙin kuɗi. Cutar ba a haɗin take ba, tana wajen sayar maka da haɗin a kuɗin zalla. Abin takaici ne a ce hakan na faruwa a Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin auduga masu suna SAMCOT, kuma masaƙun Kaduna, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957, suka taɓa dogaro da audugar gonakin wannan yanki. Yanzu yawancin abin da ke rataye a rumfuna daga ƙetare yake zuwa.

Sai dai lambar 100% COTTON ita ma ba shaidar ƙarko ba ce. Lebul yana faɗin abin da aka zuba, ba ya faɗin ingancin audugar ko matsin saƙar. Auduga mai gajeren sili da aka saƙa sako-sako za ta yage kafin haɗin da aka saƙa da kyau. Ɗaga yadin ka duba ta hasken rana. In kana hango mutanen da ke wucewa ta cikinsa, lambar ba za ta cece shi ba. Ka kuma lura da kalmomin yaudara irin su COTTON FEEL, wanda laushi kawai yake nufi, babu alkawarin ko sili ɗaya na auduga.

Akwai ƙananan lambobi biyu da ake raina su. In ka ga 2% ko 3% ELASTANE ko SPANDEX a wandon jins, wannan shi ne zaren da ke sa wando ya miƙe. Yana da daɗin sawa, amma shi ke fara mutuwa: zafin dutsen guga na gawayi da bilic suna kashe shi, sai gwiwa ta yi jaka. A gwanjo, ja yadin ka saki. In bai koma yadda yake nan take ba, zaren ya riga ya gaji a jikin mai shi na farko. VISCOSE ko RAYON kuwa, da ake yawan gani a dogayen rigunan mata, yana da sanyi a jiki, amma ƙarfinsa yana raguwa sosai in ya jiƙe, don haka ba ya son murza da bugu.

To yadin da ake yanka maka a kan tebur fa, ko atamfa da shaddar da takarda kawai aka manna musu? Takarda kowa na iya bugawa. Roƙi mai yadi ya ba ka ɗan sili ko guntun gefe, ka fita daga cikin rumfar, nesa da kaya, ka kusanta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Poliyesta yana janyewa daga wuta, ya narke, ya bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Haɗin kuwa zai ba ka duka biyu, toka da ƙwallo, sai dai ashana ba za ta faɗa maka ko kashi 35 ne ko 50 ba. Jira ya huce kafin ka taɓa.

Wannan narkewar ce ya kamata matan gida su sa a rai. Zane ko hijabin roba in ya kama wuta a bakin murhu ko kan gas, narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Auduga ma tana cin wuta, har da sauri, amma ba ta narkewa a jiki. Mai girki ta ajiye dogon hijabin roba a ɗaki, ta ɗaura zanen auduga tamau, ba tare da barin gefensa yana lilo kusa da harshen wuta ba.