Maraɗi: Gulbi ya ci gida da gona, bashin kaka na jiran wani manomi

A cikin ajin wata makarantar firamare da ke kan tudu a yankin Tibiri, jihar Maraɗi, an ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar allo, an rataya tabarma. Bayan tabarmar uwargida ce da yara biyar. Maigidan, manomi ne da ya haura shekara 50, a waje yake kwana tare da ɗansa na fari, kusa da akuya biyun da suka tsira.

Gidansu na bakin fadamar Gulbin Maraɗi ne. Ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 bai rushe shi lokaci guda ba. Kwana biyu ya yi kwance a tsakar gida, ginin laka yana sha ta gindi, har bango ya fara tsagewa. Da uwargidan ta ga ƙasa na zubowa daga azara cikin dare, sai ta tashi kowa. Sun fito da tukwane, da turmi, da katin ɗan ƙasa cikin leda. Kafin asuba ɗakin ya zauna.

Maigidan bai cika zancen ɗakin ba, domin a cewarsa laka da hannu yana da su. Zancensa na gona ne. Dawar da ya shuka a fadama ta kai ƙirji lokacin da ruwa ya rufe ta, ta yi sama da mako a ciki, saiwa ta ruɓe. Da ruwan ya janye kuma, sai ya bar yashi a gefen gonar da ke kallon gulbi, wurin da a da yake shuka tumatir da barkono da rani. Sauran hatsin rumbu ya jiƙe ya tsira; an shanya shi, amma tsami ya riga ya kama, dabbobi kawai suka ci. Irin waken da uwargidan ta adana cikin toka ma ya tafi.

Ga kuma bashi. A tsakiyar damina ya karɓi buhu biyu na hatsi wurin wani ɗan kasuwa, da alkawarin biya da kaka. Kakar ta zo, abin da ya rage masa ƴar gonar jigawa ce, wadda yake hasashen ba za ta wuce dami 15 ba.

Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, kuma ajin na ɗalibai ne. Tsofaffin yankin sun san cewa ambaliyar 1945 ce ta kori Maraɗi daga kwari zuwa tudu. Amma fili a tudu yanzu da kuɗi ake samu, abincin iyalin nan kuwa a fadama yake.

Babban ɗan yana son tafiya cirani Kano ko Agadas da zarar an yanke hatsi. Uban ya ce ya dakata tukuna a buga tubali.